Rarar 20,000 a Wata: Ga Bashi Ko Ga Jari?

*Malam, ina da bashin da ya rage min 500,000 in biya. Ruwansa kashi 3 cikin 100 ne a wata, ana cire min 30,000 duk ƙarshen wata. Idan na gama hidimomina, nakan samu rarar 20,000. Abokina ya ce in fara zuba jari da ita tun yanzu domin lokaci ba ya jira, shi kuwa bashi zai ƙare da kansa. Ni kuma bashin ya tsaya min a rai. Wanne ya fi?*

Ɗan'uwa, ka kai rarar nan kan bashin. Wannan ita ce shawarata, kuma ba na ɗari-ɗari da ita, muddin takardar yarjejeniyarka ta cika sharaɗi guda da zan yi maka bayaninsa a gaba. Amma ba na so ka karɓa don kawai na faɗa. Bari mu zauna mu buga lissafin da alƙalumanka, yadda gobe idan abokinka ya dawo da maganar, kai da kanka za ka iya ba shi amsa.

Abin da ya fi ɓace wa mutane shi ne, biyan bashi kafin lokacinsa shi ma jari ne. Duk kuɗin da ka rage daga uwar bashin, ruwan da zai hau kansa a wata mai zuwa ya faɗi ke nan, kuma ruwan da ba ka biya ba daidai yake da ribar da ka samu, domin duk a aljihu ɗaya suke ƙarewa. Saboda haka kana da wuraren zuba jari biyu a gabanka. Ɗaya yana biyan kashi 3 cikin 100 kowane wata, babu haraji a kai, babu la'adar dillali, babu ranar da za a ce kasuwa ta faɗi. Wannan shi ne bashinka. Ɗayan kuma shi ne wanda abokinka yake nuna maka, wanda ba a san abin da zai bayar ba sai shekara ta zagayo.

Kashi 3 a wata yana da sauƙi a baki, shi ya sa masu ba da rance suke son faɗin ruwa da wata. Idan ka ninka sau 12 za ka samu 36, amma ko wannan bai kai gaskiyar nauyinsa ba, domin kuɗin da ka tsira da shi a watan farko shi ma yana rage maka ruwa a wata na biyu. Idan aka haɗa da wannan hauhawar, kashi 3 a wata ya zama kusan kashi 42.6 a shekara. Akwai wata tsohuwar dabara ta masu lissafi: ka raba 72 da adadin ruwan, abin da ya fito shi ne kimanin lokacin da kuɗi zai ninka kansa. Saba'in da biyu a raba uku, 24. Wato da za ka daina biya gaba ɗaya, cikin wata 24 kacal 500,000 ɗinka za ta koma miliyan ɗaya da ɗoriya.

To wane jari ne yake ba da kashi 42 a shekara? Ma'aunin S&P 500, wanda yake bin manyan kamfanonin Amurka guda ɗari biyar, matsakaicin abin da ya bayar a tsawon shekaru masu yawa bai wuce kimanin kashi 10 a shekara ba, kuma a cikin wannan matsakaicin akwai shekarar 2008 da ya faɗi da kusan kashi 37. Warren Buffett, wanda duniya take buga misali da shi a wannan fanni, darajar hannun jarin kamfaninsa Berkshire Hathaway ta riƙa ƙaruwa da kimanin kashi 20 a shekara tun daga 1965. Ka ga ke nan bashinka yana cin fiye da ninki biyu na abin da gwanin gwanaye ya iya samarwa. Idan wani ya ce maka yana da hanyar da take ba da tabbatacciyar ribar da ta fi kashi 3 a wata, ka riƙe aljihunka da kyau. Charles Ponzi a 1920 kashi 50 ya yi wa mutane alƙawari cikin kwana 45, yana biyan na farko da kuɗin na baya, har abin ya rufta da kowa. Wanda bashi ya matsa ya fi kowa saurin faɗawa irin wannan rami, saboda yana neman abin da zai tsere wa ruwan da ke binsa, kuma halastaccen jari ba ya irin wannan gudun.

Yanzu mu ɗauki jarin da hankali zai ɗauka. A ce ka samu asusun zuba jari da yake ba da kashi 15 a shekara a takarda. Masu kula da shi suka cire kashi ɗaya da rabi na hidimarsu, saura 13.5. A ce kuma haraji ya ɗauki kashi ɗaya bisa goma na ribar, ka tashi da kusan 12. Waɗannan alƙaluman misali ne, naka za su danganta da asusun da ka zaɓa da dokar harajin inda kake, amma ka lura da tsarin: abin da ya iso hannunka shi ake gwadawa da ruwan bashi, ba abin da aka rubuta a tallan ba. Don sauƙin lissafi, mu ce jarin yana ba ka kashi 1 cikin 100 duk wata, ba fashi, ba faɗuwa. Na yi wa abokinka adalci sosai da wannan zaton.

Ka dubi watan farko kusa-kusa. Ruwan 500,000 a kashi 3 shi ne 15,000. Idan an cire maka 30,000, rabinta cif ta tafi a ruwa, 15,000 ce kawai ta taɓa uwar bashin, saura 485,000. Idan kuwa ka ƙara rararka ka biya 50,000, ruwan dai 15,000 ne bai canza ba, amma 35,000 ta sauka a kan uwar, saura 465,000. A wata na biyu, mai bin shawarar abokinka za a caje shi ruwan 14,550, kai kuma 13,950. Bambancin 600 ne. Ita kuwa 20,000 ɗin da ya kai wurin jari, 200 ta haifa masa. Ya samu 200 ya bar 600 ta tafi, kuma haka zai riƙa yi da kowace 20,000 da ya ɗauka, wata bayan wata. Kamar mai ɗiban ruwa ne yana zubawa a randar da ta tsage a gindi, yana murna da abin da yake zubawa ta sama.

Mu bi hanyoyin biyu har ƙarshe. A hanyar abokinka, biyan 30,000 zai ɗauke ka wata 23 cur, sannan a wata na 24 ka cika da ragowar 13,600. Jimillar abin da zai fita daga hannunka 703,600 ne, wato ruwa kaɗai ya ci 203,600. A gefe guda kuma, 20,000 ɗin da kake zubawa duk wata ta taru ta kai 480,000, ta haifi riba kusan 59,500. Idan ka haɗa da ɗan abin da ya rage maka daga biyan watan ƙarshe, za ka wayi gari a ƙarshen shekara biyu ba bashi, da kusan 556,000 a hannu. Ba laifi, kuma shi ya sa shawarar take da daɗin ji.

A ɗaya hanyar, kana biyan 50,000 wata 12, a wata na 13 ka cika da 3,400 kawai, bashi ya mutu. Ruwan da ka biya gaba ɗaya 103,400 ne, ka tsira da dubu ɗari da 'yan kai. Daga nan duka 50,000 ɗin ta zama taka, ka juya ta zuwa wancan jarin dai mai kashi 1 a wata. A ƙarshen wata na 24 za ka samu kusan 630,000. Kuɗin da ya fita daga albashinka a hanyoyin biyu iri ɗaya ne, 50,000 duk wata har shekara biyu, amma ka fi mai bin hanyar abokinka da kusan 74,000. Wani abin da ya fi burge ni a lissafin nan shi ne, ko da a shekara ta biyu ba ka zuba kuɗin a ko'ina ba, ka dai tara shi a ajiye ba riba ko kaɗan, za ka tashi da 596,600, har yanzu ka fi wanda ya fara jari tun ranar farko kuma kasuwa ba ta taɓa juya masa baya ba.

Idan kana da Excel ko Google Sheets, kada ka tsaya ga maganata, ka buga wannan ka gani. Layin farko zai ba ka adadin watannin biyan 30,000, na biyu na 50,000:

```
=NPER(0.03,-30000,500000)
=NPER(0.03,-50000,500000)
```

Maganar abokinka cewa lokaci ba ya jira gaskiya ce, riba a kan riba tana son shekaru. Sai dai wannan doka ba ta san aboki ba. Yadda take yi wa mai jari aiki, haka take yi wa wanda yake bin ka bashi, kuma a halin da kake ciki nasa injin ya fi naka gudu sau uku. Shekara ɗaya ce kawai za ka jinkirta, kuma ka ga yadda ka cimma shi ka wuce tun kafin shekara ta biyu ta ƙare.

Yanzu ga sharaɗin da na ambata, kuma a nan nake so ka fi natsuwa, domin a nan ne mutane suke asara ba su sani ba. Duk lissafin da na yi ya dogara ne a kan cewa ruwan bashinka ana ɗora shi a kan abin da ya rage, yana raguwa yayin da uwar take raguwa. Akwai wani tsarin daban, inda ake lissafa ruwan duka tun ranar farko a kan cikakken kuɗin da ka karɓa, a haɗa da uwar, a raba gida-gida daidai da adadin watanni. A wannan tsarin, wanda ya ranci 500,000 a kashi 3 na wata 24, ruwansa 15,000 sau 24 ne, wato 360,000, yana biyan 35,833 duk wata. Ko a watan ƙarshe, lokacin da abin da ake bin sa bai taka kara ya karya ba, ana cajin sa ruwan 500,000 cikakke. Sunansa kashi 3, amma ainihin nauyinsa ya kusa kashi 5 a wata. Wannan layin zai nuna maka:

```
=RATE(24,-35833,500000)
```

Yadda za ka gane naka ba wuya. Ka nemi jadawalin biya, takardar da take raba kowane biya gida biyu, ruwa da uwa. Idan layin ruwa yana sauka wata bayan wata, 15,000, 14,550, 14,087, to kana kan tsarin da na yi lissafi da shi. Idan adadi ɗaya ne daga sama har ƙasa, ko kuma ba a raba ba sam, an dai rubuta maka jimilla guda, to kana kan na biyu, kuma wataƙila ma 500,000 ɗin da kake cewa ta rage ta haɗa da ruwan da bai riga ya hau ba.

Me ya sa wannan ya dame ni? Domin a tsari na biyu, amfanin biya da wuri ya rataya ne kacokan a kan ko za a yafe maka ruwan watannin da ba ka kai ba. Wasu masu ba da rance suna yafewa. Wasu suna yafe wani ɓangare ta hanyar abin da ake kira ƙa'idar 78, sunan da ya samo asali daga haɗa lambobin watanni 1 zuwa 12, wanda yake ba da 78. Dabarar ita ce a tura mafi yawan ruwan zuwa watannin farko. A bashin wata 24, lambobin suna haɗuwa su ba da 300, kuma shekarar farko kaɗai tana ɗauke da 222 daga ciki, wato kashi 74 cikin 100 na ruwan. Wanda ya zo rufe bashin a tsakiyar wa'adi yana zaton za a sauke masa rabin 360,000, sai ya ji 93,600 kawai aka sauke. Wasu kuma ba sa yafe ko kaɗan: ka biya yau, ka biya baɗi, jimillar ɗaya ce. Idan naka irin wannan na ƙarshe ne, to amsata ta juye gaba ɗaya. Biya da wuri ba zai rage maka komai ba, ka dai ba su kuɗinka kyauta su juya. A nan abokinka ya yi daidai: ka ci gaba da biyan ƙa'ida a kan lokaci, ka kai rarar inda za ta haihu, wuri mai aminci da za ka iya cirewa da sauri.

Saboda haka kafin ka tura musu ƙarin ko da dubu ɗaya, ka yi musu tambaya a rubuce: idan na rufe bashin nan yau, nawa zan biya cif? Sannan ka haɗa duk biyan da ya rage maka a jadawali. Tazarar da ke tsakanin adadin biyu ita ce ribar da biya da wuri zai ba ka. Idan tazarar babba ce, ka ci gaba. Idan babu tazara, ka tsaya. A cikin wannan amsar za ka ga ko akwai tarar biya kafin wa'adi. Kada kalmar tara ta firgita ka, ka auna ta kawai. Tarar kashi 2 a kan abin da ka biya da wuri ba ta kai ruwan wata ɗaya na bashinka ba, cikin wata guda ka mayar da ita. Tarar da ta ce sai ka biya ruwan wata shida kuwa, a bashin da saura wata bakwai ya ƙare, ta cinye amfanin kusan duka.

Akwai wani tarkon kuma da na gani da idona lokacin da nake aiki a sashen ba da lamuni. Wata mata ta zo da takardunta a cikin jaka, ranta a ɓace. Wata biyar tana ƙara kuɗi a kan biyanta, amma da ta duba, ruwan da ake cajin ta bai bambanta da na jadawalin farko ba ko da ƙwandala. Da muka buɗe asusun, sai muka tarar ƙarin nata yana zaune a gefe, an rubuta shi a matsayin biyan watannin gaba. Na'urar tana jira ranar biya ta zo ta ɗiba daga ciki, uwar bashin kuwa ba a taɓa ta ba. Ba wanda ya sace mata komai, amma wata biyar kuɗinta yana kwance ba ya rage mata ruwa, ba ya kuma haifa mata riba. Abin ya tsaya min a rai, domin ta yi duk abin da ya kamata, kalma ɗaya ce ba ta faɗa ba. Don haka duk lokacin da za ka tura ƙarin, ka bayyana a rubuce cewa a rage shi daga uwar bashi. Idan suka tambaye ka ko a rage maka biyan wata ko a gajarta wa'adi, ka zaɓi gajarta wa'adi, nan ne ribar take. Sannan ka duba bayanin asusunka na wata mai zuwa. Kana da ma'auni a hannu: bayan biyan 50,000 na farko, ragowar ta zama 465,000, ruwan wata na biyu kuma 13,950. Idan ka ga 14,550, ƙarinka bai shiga inda ka nufa ba, ka koma musu tun abin bai yi nisa ba.

Ba ka faɗa min ko kana da wani abu a ajiye ba, kuma wannan yana da muhimmanci. Kuɗin da ka biya bashi da shi ya tafi, ba za ka iya kiran sa ya dawo ranar da rashin lafiya ta faɗo ko abin sana'arka ya lalace ba. Wanda ya kwashe komai ya kai kan bashi, ranar da larura ta zo sai ya sake cin wani bashin, galibi da gaggawa, da ruwan da ya fi na farko, har da kuɗin buɗe sabon fayil. Ba a fafe gora ranar tafiya. Idan ba ka da komai a gefe, ka ɗauki rarar wata uku na farko, 60,000, ka ajiye a asusun da za ka iya cirewa a yini guda, sannan daga wata na huɗu ka fara biyan 50,000. Na buga wannan ma: bashin zai ƙare a wata na 14 maimakon na 13, ruwan kuma zai kai kusan 127,500 maimakon 103,400. Wato wannan kariyar za ta ci maka kusan 24,000. Kuɗi ne, ban raina shi ba, amma na fi son ka biya shi da ka zauna ba mayafi. Abin da ba zan goyi baya ba shi ne ka ce sai ka tara kuɗin hidimar wata shida kafin ka taɓa bashin. Wannan shawara ce ta wanda ba a bin sa kashi 3 a wata. Kai ɗan abin da zai tare ƙaramar larura ya isa, sauran ka gina shi bayan bashi ya mutu.

Wuri ɗaya ne na sani da yake doke bashi irin naka. Idan wurin aikinka yana da tsarin da duk abin da ka sa a asusun fansho da son ranka su ma za su sa kwatankwacinsa, to wannan ribar kashi 100 ce a ranar da ka zuba, ka sa daidai iyakar da suke ƙarawa, sauran ya tafi kan bashi. Ka dai tabbatar ka san sharaɗin shekarun da sai ka yi a wurin kafin nasu kason ya zama naka.

Za ka ji wasu suna cewa hauhawar farashi tana cin bashi, don haka kada a yi gaggawar biya. Akwai ƙamshin gaskiya a ciki, amma hauhawar tana cin jarin ma daidai yadda take cin bashin, don haka ba ta canza wanda ya fi tsakanin 42 da 12 ba. Inda maganar take aiki shi ne bashi mai sauƙin ruwa, wanda ruwansa bai kai abin da takardun lamunin gwamnati ko ajiyar wa'adi suke bayarwa bayan haraji ba. Mai irin wannan bashin ba shi da dalilin gaggawa. Idan kuma alƙaluman biyu sun yi kusa da juna, a ce bashi kashi 11, jari ana sa ran 12, ni ina karkata ga biyan bashin, domin ɗaya tabbas ne ɗaya fata, ƙwai a baka ya fi kaza a akurki. Naka bai ma kusanci wannan yankin ba.

Akwai abu ɗaya da abokinka ya fi ni gaskiya a kai, kuma ba zan ɓoye maka ba. Hanyar da na ba ka tana cin nasara ne kawai idan ka cika rabinta na biyu. Ranar da bashi ya ƙare, 50,000 za ta bayyana a hannunka duk wata, kuma buƙatun da ka danne shekara guda za su taso gaba ɗaya, kowacce da hujjarta. Na lissafa inda iyakar take: idan abin da kake zubawa a shekara ta biyu ya gaza kimanin 44,000 a wata, mai bin hanyar abokinka zai fi ka tarin kuɗi a ƙarshen wata na 24. Idan ka koma zuba 20,000 kawai, ka tashi da kusan dubu ɗari biyu da hamsin, ƙasa da rabin nasa. Shi tsarinsa ya tilasta masa, domin bashin yana cire nasa da ƙarfi, kai kuwa ba mai tilasta maka sai kanka. Na ga mutane da dama da suka kashe bashi da jarumta, bayan shekara biyu ba bashin, ba jarin, ba su kuma san inda kuɗin ya bi ba.

Idan ka san halinka, kana tsoron haka, ga abin da nakan ba mutane shawara. Ka buɗe asusun jarin tun yanzu, ka riƙa sa masa 2,000 kawai a wata, 48,000 ta tafi kan bashi. Bashin zai ƙare a wata na 13 ɗin dai, ƙarin ruwan da za ka biya kusan 5,200 ne. Da wannan ɗan kuɗin ka sayi shekara guda ta koyo: ka san yadda ake saye da sayarwa, ka ga nawa ake cire maka na hidima, ka ga yadda zuciyarka take yi ranar da darajar ta sauka, duk a kan kuɗin da faɗuwarsa ba za ta hana ka barci ba. Hanyar ta riga ta buɗe, ranar da babban kuɗin ya zo ba sai ka fara neman ƙofa ba.

A watan da za ka yi biyan ƙarshe, ka sake neman adadin rufewa a rubuce, domin ruwan 'yan kwanaki yakan bar ɗan ragowar da zai ci gaba da haihuwa har da tarar jinkiri ba ka sani ba. Ka biya shi cif, ka karɓi takardar shaidar cewa ba a bin ka komai, ka karɓo duk abin da ka ba da jingina, ka kuma tabbatar an soke umarnin cire 30,000 daga asusunka. A wannan zaman dai, kafin ka tashi, ka sa sabon umarni na tura 50,000 zuwa asusun jarin, a ranar da aka saba cire kuɗin bashin.